Ribar takardar lamuni: yadda ake gano ta da gwaji biyu da layi ɗaya

Wanda ya sayi takardar lamuni ranar da gwamnati ko kamfani ya fitar da ita, a kan farashin da aka rubuta mata, ba shi da wani lissafi mai wuya. Idan an ce kuɗin ruwanta kashi 12 cikin 100 ne a shekara, to kashi 12 ɗin zai samu. Amma yawancin cinikin waɗannan takardu a hannu na biyu ake yin sa. A Najeriya, Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, DMO, shi ke fitar da takardun Gwamnatin Tarayya, daga nan sai su shiga kasuwannin NGX da FMDQ, inda farashinsu ke hawa da sauka kullum. Takardar da aka rubuta wa naira 100,000 tana iya komawa 92,000 yau, ta kai 104,000 baɗi. Mai saye a irin wannan farashi ba kashi 12 zai samu ba. Tambayarsa ita ce: idan na biya wannan kuɗi yau, na riƙe takardar har wa'adinta ya cika, kashi nawa kuɗina yake haifa mini a shekara? Amsar ita ce ribar cikar wa'adi, wadda dillalai ke rubutawa YTM a jadawalin farashi.

Mu ɗauki takarda guda mu bi ta har ƙarshe. Darajar da aka rubuta mata naira 100,000 ce. Tana biyan naira 12,000 sau ɗaya a ƙarshen kowace shekara. Saura shekara 5 wa'adinta ya cika, a ranar kuma za a mayar wa mai ita naira 100,000 cif. Dillali ya ce farashinta yau 92,000.

Abin da mutum zai fara yi shi ne ya raba 12,000 da 92,000, ya samu kashi 13.04. Wannan adadi gaskiya ne, amma rabin labari ne, domin ya bar naira 8,000 da za a samu a ƙarshe: ka biya 92,000, za a mayar maka da 100,000. Ita ma wannan rarar riba ce, sai dai ba za ta shigo hannu ba sai bayan shekara 5, kuma kuɗin da za a jira shekara 5 ba daidai yake da kuɗin da ke aljihu yau ba. A nan ne ainihin lissafin yake.

Idan kuɗi na iya haifar kashi 14 a shekara, to naira 100 ta yau za ta zama 114 baɗi. Juya maganar: naira 114 ta baɗi darajarta a yau 100 ce. Saboda haka duk kuɗin da za a karɓa bayan shekara ɗaya ana raba shi da 1.14 a samu darajarsa ta yau. Wanda za a karɓa bayan shekara biyu a raba shi da 1.14 sau biyu, haka har zuwa na ƙarshe. Ribar cikar wa'adi ita ce kason nan guda ɗaya da idan aka dawo da duk kuɗaɗen takardar zuwa yau da shi, jimillarsu za ta yi daidai da farashin da aka biya. A takardarmu ana neman r a nan:

```
92000 = 12000/(1+r) + 12000/(1+r)^2 + 12000/(1+r)^3
      + 12000/(1+r)^4 + 112000/(1+r)^5
```

Wanda ya yi aljabara a sakandare zai so ya kwashe komai gefe ɗaya ya bar r ita kaɗai. Ba za ta yiwu ba. Ita r tana nan a wuri biyar, kowane wuri an ninka ta da kanta sau daban. Da shekara biyu ce ta rage, da dabarar nan ta warware lissafi mai daraja ta biyu ta wadatar. Amma tun 1824 masanin lissafi ɗan Norway, Niels Abel, ya tabbatar da cewa babu wata dabara ta bai-ɗaya irin wannan ga lissafin da ya kai daraja ta biyar ko fiye. Takardar shekara 10 ko 30 kuwa ta wuce nan nesa. Hanyar da ta rage ita ce a zaɓi wani kaso, a lissafa farashin da yake bayarwa, a kwatanta da na dillali, a gyara.

Gwajin ba harbin iska ba ne, domin akwai ƙa'ida ɗaya da ke nuna hanya: duk sanda kason ya hau, farashi sauka yake, duk sanda ya sauka, farashi hawa yake. Akwai kuma gwaji ɗaya da ake samu kyauta. Idan aka sa kashi 12, wato daidai kuɗin ruwan takardar, farashin da zai fito naira 100,000 ne cif, ba sai an taɓa kalkuleta ba. Tunda dillali yana sayarwa ƙasa da haka, amsar tana sama da 12. Da a ce a kan 104,000 yake sayarwa, da amsar tana ƙasa da 12. Wannan ɗan bincike na daƙiƙa biyar yana kama kurakurai da yawa: wanda ya sayi takarda ƙasa da darajarta sannan lissafinsa ya ba shi kashi 11, ya san akwai inda ya kauce, ba sai an gaya masa ba.

Don kada a ɓata lokaci a 13 ko a yi tsalle zuwa 18, ana iya yin kirdado. A raba rarar 8,000 da shekara 5, a samu 1,600 a shekara. A haɗa da 12,000, ya zama 13,600. A raba da matsakaicin farashin saye da darajar ƙarshe, wato 96,000. Abin da ya fito kashi 14.17 ne. Ba amsa ba ce, kuma za mu ga ta gaza amsar, amma ta nuna inda za a fara.

To, mu gwada 14. Naira 12,000 ta shekarar farko darajarta a yau 10,526. Ta shekara ta biyu 9,234, ta uku 8,100, ta huɗu 7,105. A shekara ta biyar kuɗin biyu ne a haɗe, ruwan ƙarshe da uwar kuɗi, naira 112,000, darajarsu a yau 58,169. Jimilla 93,134. Wannan ya fi 92,000 da naira 1,134. Ma'anarsa, mai neman ribar kashi 14 zai yarda ya biya har 93,134, mu kuwa an ba mu a ƙasa da haka, don haka ribarmu ta fi 14.

Sai mu ɗaga zuwa 15. Kuɗaɗen sun koma 10,435, da 9,074, da 7,890, da 6,861, sai na ƙarshe 55,684. Jimilla 89,944. Yanzu mun faɗa ƙasa da farashin dillali da naira 2,056. An ritsa amsar ke nan: tana tsakanin 14 da 15, kuma ta fi kusa da 14, tunda tazarar can ta fi ƙanƙanta.

Duba yadda kuɗaɗen suka motsa, akwai abin lura. Daga 14 zuwa 15, kuɗin shekarar farko naira 91 kawai ya ragu, amma na shekara ta biyar ya ragu da 2,485. Kuɗin da ke nesa shi ne canjin kaso ya fi girgizawa, saboda ya fi yawa kuma an fi raba shi sau da yawa. Shi ya sa kuskure a lissafin kuɗin ƙarshe ya fi kowane kuskure tsada, kuma wanda aka fi yi shi ne a manta haɗa ruwan ƙarshe da uwar kuɗi, a rubuta 100,000 maimakon 112,000.

Mutum yana iya ci gaba da gwaji, 14.5, 14.3, 14.4, har ya gaji. Gajeriyar hanya ita ce a ɗauka cewa tsakanin 14 da 15 farashin yana sauka ne a miƙe, kowane ɗan ƙarin kaso yana rage adadin naira iri ɗaya. Daga 93,134 zuwa 89,944 tazarar naira 3,190 ce, kuma wannan tazara ita ce ta cinye kashi ɗaya cur. Mu ba duka muke buƙata ba, muna son saukowa da 1,134 ne kawai don mu isa 92,000. Idan aka raba 1,134 da 3,190 za a samu 0.3555, wato kaɗan fiye da sulusin hanya. A ɗora wannan a kan 14, amsa ta zama kusan kashi 14.36. A rubuce, inda r1 da P1 suke ƙaramin kaso da farashinsa, r2 da P2 babban kaso da nasa, P kuma farashin kasuwa:

```
r = r1 + (P1 - P) / (P1 - P2) * (r2 - r1)
r = 14 + (93134 - 92000) / (93134 - 89944) * 1
```

Dabarar ta girmi takardun lamuni nesa ba kusa ba. Masana lissafi na duniyar Musulunci sun daɗe suna warware matsaloli da ita, ana yin zato biyu da aka san ba daidai ba ne, a fitar da amsa daga girman kuskuren kowanne, kuma daga wajensu Fibonacci ya ɗauke ta ya sa a littafinsa Liber Abaci na 1202. Idan alaƙar da ake aunawa miƙaƙƙiya ce da gaske, amsar da take bayarwa cif take. Matsalar ita ce alaƙar farashin takarda da ribarta ba miƙaƙƙiya ba ce, kuma wannan ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe.

Bari mu mayar da amsarmu cikin lissafin mu gani. A kashi 14.36 farashin da ke fitowa 91,968 ne, ya gaza 92,000 da naira 32. A 14.35 kuwa ana samun 91,999 da kwabo 66. Ainihin amsar ke nan 14.35, layin ya ɗan zarce. Zarcewar ba ta kai ta damu kowa ba, amma ba tsautsayi ba ce, kuma kullum gefe ɗaya take faɗawa.

Dalili shi ne farashin yana sauka da sauri a farko, sannan saukar ta riƙa yin sanyi. Daga 14 zuwa 15 ya ragu da 3,190. Daga 15 zuwa 16, inda farashin yake 86,903, ya ragu da 3,041 kawai. Idan aka zana wannan a takarda, abin da zai fito kamar igiyar shanya ne da aka ɗaure wani ƙarshenta sama, wani ƙasa: tsakiyarta tana lotsawa ƙasa da miƙaƙƙen layin da ya haɗa ƙusoshin biyu. Ainihin farashi yana bin igiyar, lissafinmu yana bin layin. Tunda igiyar tana ƙasa, tana isa 92,000 tun kafin layin ya isa, wato a ƙaramin kaso. Saboda haka ga takarda ta yau da kullum mai tsayayyen kuɗin ruwa, amsar da aka samu ta wannan hanya tsakanin gwaji biyu da suka ritsa farashi kullum tana ɗan fin gaskiya. Kuskuren yana faranta wa mai saye rai, yana nuna masa ribar da ta fi wadda ke akwai, irin kuskuren da mutum bai cika komawa ya bincika ba.

Girman zarcewar ya dogara da nisan gwajin biyu. Akwai jarabar amfani da gwajin kyauta na 12, wanda ya ba da 100,000, a haɗa shi da wani guda mai nisa don a rage aiki. Mu gani. Tsakanin 12 da 16, ana raba 8,000 da 13,097, a ninka da 4, a ɗora kan 12, amsa 14.44. Tsakanin 12 da 20, inda farashin yake 76,075, amsar 14.68 ce. Takarda ɗaya, farashi ɗaya, amma amsa uku: 14.36, 14.44, 14.68, alhali gaskiya 14.35. Lura cewa da aka ninka tazarar daga 4 zuwa 8, kuskuren ya fi ninki uku, daga 0.09 zuwa 0.33. Sulusin kashi ɗaya ba wasa ba ne a wannan kasuwa. Sau da yawa bambancin da ke tsakanin takardu biyu da mutum ke zaɓa bai kai haka ba, don haka lissafin da aka yi da tazara mai faɗi yana iya sa a ɗauki wadda ta fi ƙarancin riba.

Tsawon wa'adi ma yana ƙara lotsawar. Da takardarmu saura shekara 20 gare ta, a wannan farashi na 92,000, ainihin ribarta kusan 13.15 ce, amma layin da aka ja tsakanin 12 da 16 zai ce 13.35. Tazara iri ɗaya, kuskure ya ninka. Shawarata ita ce kada tazarar ta wuce kashi ɗaya, ga doguwar takarda kuma a rage ta zuwa rabi. Bayan an samu amsa a mayar da ita cikin lissafi. Idan farashin da ya fito bai yi kusa da na dillali ba, a mai da wannan amsa sabon gwaji, a sake jan layi tsakaninta da gwajin da ke ɗaya gefen. Zagaye na biyu yakan wadatar. Abin da ba a so shi ne jan layi daga gwaji biyu da duka suke gefe ɗaya na farashi, misali 12 da 13 a takardarmu. A nan layin zai fita wajen inda aka auna, kuskuren ya juya ya koma ƙasa da gaskiya, kuma yana girma da nisa.

Na yi amfani da biya sau ɗaya a shekara don sauƙin bi, amma takardun Gwamnatin Tarayya na yau da kullum duk wata shida suke biya, takardar tanadi ta ƙananan masu saye da aka fara a 2017 kuma duk wata uku. Hanyar ba ta canza ba, ƙidayar ce ke canzawa. Idan takardarmu tana biya duk wata shida, to naira 6,000 ce sau 10, kuma kason da ake gwadawa na wata shida ne. A kashi 7 farashin 92,976, a 7.5 kuma 89,704. Layin ya ba da kusan 7.15. Al'adar kasuwa ita ce a ninka wannan da biyu a ce 14.30 a shekara. Amma wanda yake son kwatanta ta da jarin da ke biya sau ɗaya a shekara sai ya ninka 1.0715 da kanta, ya ga ainihin abin da ke taruwa a shekara kusan 14.81 ne. Da ganin farko 14.30 ta gaza 14.35, alhali mai biya duk wata shida ta fi, tunda rabin kuɗin yana zuwa da wuri. Kafin a kwatanta lambobi biyu a tambayi dillali a wane ma'auni kowacce take.

Haka kuma a tabbatar wane farashi aka sa a lissafi. Ba safai ake sayen takarda daidai ranar da aka biya ruwanta ba. Idan wata biyu sun wuce daga biyan baya, mai saye zai ƙara wa mai sayarwa ruwan da ya taru na wata biyun a kan farashin da aka sanar. Jimillar abin da ya fita daga asusu ita ce ake kwatantawa da darajar kuɗaɗen gaba, kuma tazarar zuwa biyan farko ba cikakken zango ba ce, wata huɗu ce cikin shida, sauran biyan duka su matso da wannan gwargwado. Wanda ya ɗauki farashin allo ya haɗa da cikakkun zanguna zai samu amsar da ta ɗan kauce, ko da gwajinsa da layinsa ba su da aibi. Farashin allo kuma yawanci a kan kowace naira 100 ake rubuta shi, don haka takardarmu za ta bayyana a 92.00.

Masu guje wa kuɗin ruwa ma lissafin ya shafe su. Sukuk ɗin da Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017, na naira biliyan 100 mai wa'adin shekara 7 don gina hanyoyi, kuɗin haya ya riƙa biya duk wata shida har wa'adinsa ya cika a 2024. Yarjejeniyar daban ce, amma mai sayen sukuk a hannu na biyu yana da farashin yau, da kuɗaɗen da zai karɓa a ranakun da aka sani, da uwar kuɗi a ƙarshe, kuma da wannan hanya ake auna abin da zai samu.

Wani zai ce ai kwamfuta tana yin duk wannan. Haka ne. A Excel layi ɗaya ya isa:

```
=RATE(5,12000,-92000,100000)
```

Zai ba da 14.35 cikin 100. Sai dai shi ma gwaji yake yi: yana farawa da zaton kashi 10 idan ba a ba shi wani ba, ya riƙa gyarawa, idan kuma bai dace ba bayan zagaye 20 ya rubuta #NUM!. Alamar ragi da ke gaban 92000 tana nuna kuɗin fita ne, idan aka manta ta ba za a samu amsa mai ma'ana ba. Idan kuma aka sa 5 a inda ya kamata a sa 10, ko 12000 a inda ya kamata a sa 6000, zai ba da lamba ba tare da ƙorafi ba. Wanda ya taɓa ritsa amsa da hannunsa tsakanin gwaji biyu shi ne zai ga lambar ya san ba ta yi kama da gaskiya ba.

Saura abin da 14.35 ɗin take nufi a aljihu. Ta ginu ne a kan cewa za a biya kowane kuɗi a ranarsa kuma za a riƙe takardar har ƙarshe. Wanda ya sayar bayan shekara biyu, ribarsa ta dogara da farashin ranar, wanda zai faɗi idan ruwan kasuwa ya hau. Ba ta kuma cire hauhawar farashin kaya ba, kuma a shekara irin 2024, da hauhawar ta haura kashi 30 a Najeriya, ribar kashi 14 ba ta hana kuɗin mutum rage ƙarfin saye. Sannan idan burin shi ne naira 92,000 ta yi ta haɓaka da kashi 14.35 har shekara 5, dole kowace 12,000 da ta shigo a sake juya ta a kan wannan kaso. Idan aka ajiye su kawai ba sa haifar komai, abin da za a tara a ƙarshe 160,000 ne, 60,000 na ruwa da 100,000 uwar kuɗi. Daga 92,000 zuwa 160,000 a shekara 5 haɓakar kusan kashi 11.7 ce a shekara. Ainihin abin da mutum zai samu yana tafiya ne da inda ya sa kuɗaɗen da ke shigowa, kuma zai wuce 14.35 ne kawai idan ya samu wurin juya su a kason da ya fi haka.